Minti nawa kowane maki ya cancanta? Darasin raba lokaci a ɗakin jarrabawa

A darasin wannan fitowa za mu duba wata asara da ake yi a ɗakin jarrabawa, wadda ba rashin sani ke jawo ta ba. Ɗalibi ya yi karatu, ya san amsar tambaya ta ƙarshe, amma mai sa ido ya ce a ajiye biro kafin ya kai gare ta. Makin wannan tambaya ya tafi ke nan. Da yawa daga yaranmu sun riga sun rasa shekara ɗaya ko biyu ta karatu a sanadin gudun hijira, don haka bai kamata agogo ya sake ci musu wata shekarar ba. Maganin ɗan lissafi ne da ake yi tun a gida, da tsohuwar takardar jarrabawa a hannu.

Abubuwa uku da za a nema a takarda

Kafin a amsa ko tambaya ɗaya, a karanta umarnin da ke shafin farko da kuma kan kowane kashi. A fitar da abubuwa uku: lokacin da aka bayar, yawan tambayoyin da aka ce a amsa, da makin da kowane kashi yake ɗauke da shi.

Za mu yi misali da takarda ta biyu ta Lissafi a jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, wato takardar da ake nuna aiki a rubuce. Lokacinta awa biyu da rabi ne, minti 150 ke nan. Tambayoyi 13 ne a cikinta, amma 10 ake amsawa. Kashi na ɗaya yana da tambayoyi biyar, dukkansu dole ne, kuma makinsu 40. Kashi na biyu yana da tambayoyi takwas, ɗalibi ya zaɓi biyar, makinsu 60. Tambayoyin kowane kashi makinsu ɗaya ne, saboda haka kowace tambaya a kashi na ɗaya maki 8 take da shi, a kashi na biyu kuwa maki 12. Jimla 100.

A nan ake yin kuskuren farko. Wani zai ƙirga makin dukkan tambayoyi 13 da aka buga, ya samu 136, ya yi rabo da wannan. Sai ya ba kowace tambaya lokacin da ya gaza haƙƙinta, ya yi ta gaggawar da babu dalili. Makin tambayoyin da za a amsa kaɗai ake ƙirgawa.

Yadda ake lissafin

Idan muka raba minti 150 da maki 100, za mu samu minti ɗaya da rabi ga kowane maki. Amma ba dukkan lokacin ne na rubutu ba. Ɗalibi yana bukatar ya karanta takardar ya zaɓi tambayoyinsa, kuma yana bukatar ya duba aikinsa a ƙarshe. Don haka sai mu cire minti 5 na farko domin karatu da zaɓi, mu cire minti 15 na ƙarshe domin dubawa da komawa kan abin da aka tsallake. Saura minti 130.

Yanzu mu raba 130 da 100. Amsa ita ce 1.3, wato minti ɗaya da daƙiƙa 18 ga kowane maki. Tambaya mai maki 8 za ta samu 8 sau 1.3, wato 10.4, sai mu ce minti 10. Mai maki 12 za ta samu 15.6, sai mu ce minti 16. Mu tabbatar: biyar sau 10 hamsin ne, biyar sau 16 tamanin ne, an samu 130 cif. Duk wanda ya yi irin wannan lissafi ya riƙa yin wannan tabbatarwa, domin idan aka ciccika kowace lamba zuwa sama, jimlar takan wuce lokacin da ake da shi.

Me zai hana a raba daidai, kowace tambaya minti 15? Wanda ya yi haka zai kashe rabin lokacinsa, minti 75, a kan maki 40 kawai. Ya bar wa maki 60 ragowar minti 75, kuma ba shi da ko minti ɗaya na dubawa. Tambayoyin kashi na biyu sun fi tsawo, sun fi yawan rassa, su ne kuma suka fi maki. Lokaci makin yake bi, ba yawan tambayoyi ba.

A mayar da mintoci zuwa agogo

A cikin ɗaki, da fargaba a zuciya, ba wanda zai iya riƙe cewa ya yi minti 37 ko 42. Abin da ido ke gani shi ne agogo. Saboda haka da zarar an ce a fara, ɗalibi ya duba lokaci, ya rubuta wa kansa tashoshinsa a gefen takardar tambayoyi idan an yarda a yi rubutu a kanta. Kada ya shigo da su a rubuce daga gida, domin za a ɗauka satar amsa ce. Lambobi huɗu kawai zai riƙe a ka: 5, 10, 16 da 15.

A ce an fara da ƙarfe 9:00. Zuwa 9:05 an gama karantawa da zaɓi. Tambayoyin kashi na ɗaya za su ƙare a 9:15, 9:25, 9:35, 9:45 da 9:55. Na kashi na biyu za su ƙare a 10:11, 10:27, 10:43, 10:59 da 11:15. Daga nan zuwa 11:30 dubawa ce. Wanda wannan ya yi masa yawa ya riƙe uku: 9:55 an fita daga kashi na ɗaya, 10:43 saura tambaya biyu, 11:15 an ajiye sabon aiki. Idan agogo ya nuna 10:15, rabin lokaci, kuma ɗalibi yana cikin kashi na ɗaya har yanzu, to ya san ya makara da minti 20.

Idan tambaya ta cije

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba. Ta gama tambaya ta ɗaya da ta biyu a kan lokaci, ta shiga ta uku da ƙarfe 9:25. Ta rubuta matakan farko, sai amsar ta ƙi fitowa. Ta soke, ta sake, ta sake. Ba ta ɗago kai ba sai 9:50. Tambayar minti 10 ta ci minti 25.

Wannan ƙarin minti 15 daga ina ya fito? Idan ta ci gaba da tafiya daidai daga nan, za ta kai tambaya ta ƙarshe da ƙarfe 11:14 maimakon 10:59, ta gama ta a daidai lokacin karɓar takarda, babu dubawa ko kaɗan. Idan ta sake makalewa sau ɗaya a gaba, tambayar ƙarshe mai maki 12 ta tafi gaba ɗaya. Abin da take nema a tambaya ta uku kuwa bai kai maki 8 ba, domin a Lissafi masu duba takarda suna ba da maki ga hanyar da aka bi daidai, ba ga amsar ƙarshe kaɗai ba. Matakan da ta rubuta tun farko sun riga sun samo mata wani abu. Ta saka maki 12 cikin haɗari domin ragowar da ba su kai 8 ba.

Abin da ya kamata ta yi shi ne, da agogo ya nuna 9:35 ta ƙara wa kanta minti biyu idan ta ga ƙarshe ya kusa. In ba haka ba, ta bar fili a ƙasan aikinta, ta sa wa tambayar alama, ta wuce. Kada ta soke abin da ta rubuta sai ta samu wanda ya fi shi. Da 11:15 ta dawo kanta, kuma sau da yawa kuskuren da ya ɓuya a karon farko yakan fito fili idan an dawo. Haka kuma idan wata tambaya ta zo da sauƙi aka gama ta a minti 6, a wuce gaba nan take, ragowar ta zama ajiya.

Inda lissafin ke da iyaka

Wannan awo ne na matsakaici, ba kowace tambaya ce za ta zauna a kansa daidai ba. Tambayar da ke bukatar zanen jadawali ko aiki da kamfas da rula takan ci lokaci fiye da 'yan uwanta, don haka a yi la'akari da hakan tun a wajen zaɓi. A takardar da ke da dogon nassi da za a karanta, a cire lokacin karatun nassin kafin a yi rabo.

A takarda ta ɗaya ta Lissafi, ta zaɓen amsa, tambayoyi 50 ne a minti 90. Ba a duba agogo a kan kowace tambaya. A cire minti 10 na dubawa, a raba 80 da 50, a samu 1.6, sai a riƙe cewa kowace tambaya goma minti 16 ce.

Yaranmu da suka shiga makarantun Faransanci, masu shirin jarrabawa irin BEPC inda ake ba da maki bisa 20, hanyar ɗaya ce, lambar ce ke canjawa. Idan takarda ta awa biyu ce, a cire minti 20, a raba 100 da 20, kowane maki ya samu minti 5. Aikin da aka rubuta masa maki 4 minti 20 ne nasa. Ko wace jarrabawa ce, a yi lissafin da takarda mafi kusa da bana, a kuma sake karanta umarni ranar jarrabawa, domin tsari yakan canja.

Aikin wannan mako

Ba sai kowa ya mallaki tsohuwar takarda ba. A nemi guda wurin malami, kowa ya kwafi umarninta da tambayoyinta, ya yi nasa lissafin. Sannan a zaɓi wata safiya, a zauna inda babu hayaniya, a amsa takardar duka a zama ɗaya. Uwa ko uba ko yaya ya riƙe agogo ko waya, ya riƙa faɗin lokaci a kowace tasha. Wannan ba ya bukatar mai riƙon ya iya Turanci ko Lissafi. A gefen kowace tambaya ɗalibi ya rubuta mintocin da ta ci a gaske. Tambayar da ta zarce rabonta da minti biyar ko fiye ta nuna darasin da za a koma wa malami da shi.

A gwaji na biyu mai riƙon agogo ya yi shiru, ɗalibi ya riƙa dubawa da kansa, domin ranar jarrabawa ba mai faɗa masa tashoshinsa. Ba a shiga ɗaki da waya. A tambayi malami tun yanzu ko akwai agogon bango a cibiyar da za a zauna, da kuma ko an yarda a ɗaura na hannu.