Gwal ɗin ajiya: ku yi lissafinsa da giram kafin ku yi da naira

Aikina dillancin inshora da takaful ne a Kano, kuma cikin masu zuwa wurina akwai mata da 'yan kasuwa da suka mayar da kuɗinsu gwal don gudun faɗuwar naira. Ban taɓa ce wa kowa ya yi kuskure ba. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan dalilin sayen gwal. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa ya san nawa ya saya da nawa ake sayarwa yau, amma da wuya ka sami wanda ya san nawa riƙon gwal ɗin yake ci masa a shekara.

Tunkiya in ka ajiye ta za ta ci dusa, amma za ta haihu ta biya kuɗin dusarta. Gwal ba ya haihuwa. Giram ɗari da ka sa a akwati giram ɗari za ka tarar bayan shekara ashirin. Saboda haka duk abin da ka kashe wajen tsaronsa, ko dai ka ciro daga aljihunka ko ka gutsuri gwal ɗin ka sayar, kuma a lissafi duka ɗaya ne.

Wata Hajiya ta zo mini da batun gwal ɗinta, giram 200 na sarƙoƙi da warwaro 'yan Saudiyya da Dubai, wanda ta tara a hankali don karatun jikokinta. An shiga gidan maƙwabta, hankalinta ya tashi, tana son ta kai banki kuma ta yi masa takaful. Zan kawo lissafin da muka yi da alƙaluma masu sauƙi, domin farashi yana sauyawa kullum kuma kowane banki da kamfani da nasa kuɗin. Mu ƙaddara giram ɗaya naira dubu 100 ne, gwal ɗinta ya zama na miliyan 20. Mu ƙaddara hayar akwatin ajiya a banki dubu 100 ce a shekara, wato giram ɗaya. Mu ƙaddara kuɗin takaful kashi 1 cikin ɗari na darajar kayan, wato dubu 200, giram biyu ke nan. A shekara riƙon yana cin giram uku, kashi ɗaya da rabi cikin ɗari.

Ta ce, "Ai ɗan nan, wannan ba komai ba ne."

Na ce, "Hajiya, a shekara ɗaya ba komai ba ne. Amma ƙaramin jikanki sai nan da shekara goma zai shiga jami'a."

In daga jikin gwal ɗin ake biya, kuma hayar akwatin tana tashi daidai da tashin gwal, bayan shekara goma giram 200 zai koma wajen 171. Giram 29 ya tafi, abin da ya kai sarƙa guda mai nauyi, ba tare da ɓarawo ya taɓa ko ɗankunne ba. Ba za ta ji zafin ba saboda a naira abin da ya rage zai iya ninka abin da ta saya sau biyu ko uku. A nan ne naira take rufe wa mutane ido. Tashin lamba a takarda yana iya zama faɗuwar naira ce kawai, alhali giram 29 ɗin nan dukiya ce ta gaske da ta fita. Shi ya sa nake roƙon duk wanda na zauna da shi ya mayar da kowane kashe-kashe zuwa giram.

Mai ƙaramin gwal ya fi shan wuya, kuma wannan ne abin da na fi son mata su ji. Hayar akwati ba ta duba abin da ke ciki. Mai giram 40 za ta biya giram ɗayan nan da Hajiya ta biya, amma a wurinta kashi biyu da rabi ne cikin ɗari, in aka haɗa da takaful ya zama uku da rabi. Da irin lissafin nan, cikin shekara goma giram 40 zai dawo ƙasa da 27, kashi ɗaya bisa uku ya narke. Ga mai irin wannan adadi, kama akwatin banki ita kaɗai ba dabara ba ce.

Sai a ce ai gwal tashi yake yi, zai rufe wannan. Wani lokaci yana rufewa har da rara: oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dala 3,000 a Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoban shekarar. Amma a 2011 ta kai wajen dala 1,900, ta gangaro zuwa kusan 1,050 a ƙarshen 2015, ba ta koma inda take ba sai 2020. Wanda ya saya a ƙololuwar 2011 ya yi shekara tara yana biyan haya da inshora a kan kayan da bai ƙaru ba a dala. Kafin nan ma, farashin dala 850 na Janairun 1980 bai sake dawowa ba sai 2008. Ko a shekarar da gwal ya tashi da kashi 8 cikin ɗari, kashi ɗaya da rabin Hajiya ya cinye kusan ɗaya bisa biyar na ribarta. Kuɗin ajiya tabbas ne kowace shekara, riba kuwa sai yadda kasuwa ta yi.

Hajiya ta yi tambayar da kusan kowa ke yi: in gwal yana banki, me ya kawo takaful kuma? Amsar ita ce banki haya ya ba ki, a mafi yawan lokuta bai san abin da ke cikin akwatin ba, kuma takardar yarjejeniyar takan taƙaita alhakinsa ko ta cire shi. Hukumar NDIC kuɗin da ke asusu take lamuncewa, abin da ke akwati ba ya ciki. A Afrilun 2015 ɓarayi sun huda bangon wani rumbun ajiya a unguwar Hatton Garden ta birnin Landan, cibiyar masu gwal da lu'ulu'u, suka fasa akwatuna sama da saba'in, kuma da yawa daga masu kayan ba su da inshora saboda sun ɗauka rumbun ya wadatar.

Irin wannan ce ke faruwa da masu barin gwal a shagon mai gwal na kasuwa. Kyauta ne, akwai yarda, amma a fiƙihu wanda aka ba ajiya ba ya ranko in kaya sun salwanta ba da sakacinsa ba. In gobara ta tashi, kamar wadda ta ci Kasuwar Sabon Gari a 2016, ko aka fasa shago, amana ce ta salwanta, asarar kuma ta mai kaya ce.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuka a ofishinmu. Mutum ya yi wa gwal ɗinsa inshora a kan miliyan 20, kowace shekara yana sabuntawa a kan wannan adadin domin kuɗin kada ya ƙaru, alhali gwal ɗin ya kai miliyan 40. Aka sace rabi, na miliyan 20. Ya zo da tsammanin za a biya shi miliyan 20 cif tunda abin da ke takarda ke nan. A galibin takardun inshorar dukiya akwai sharaɗin da ya ce in ka lamunce rabin daraja, rabin asararka za a biya. Miliyan 10 zai samu, kuma daga ciki a cire kason farko da aka yi sharaɗin shi zai ɗauka da kansa. Na ga dattijo ya yi shiru a kujera ya kasa tashi da aka karanta masa wannan layi. Ma'anarsa ita ce in gwal ya ninka a naira, kuɗin inshorar gaskiya ma sai ya ninka. Wanda ya ƙi sabunta darajar yana biyan kuɗi ne a kan kariyar da ta ragu bai sani ba.

Akwai sauran sharuɗɗan da nake sa mutane su karanta da bakinsu kafin su sa hannu. Inshorar fashin gida yawanci tana neman alamar an fasa ƙofa ko an shiga da ƙarfi. Satar da ɗan gida ko 'yar aiki suka yi sau da yawa ba ta ciki, alhali a abin da nake gani ita ce ta fi yawa. Wata takardar ta ce sai gwal yana cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bango ko ƙasa, wata ta ce kariya ta tsaya a bakin ƙofa, in kin sa shi zuwa biki aka fizge, babu biya. Sannan hujja: rasit, hoton kowane yanki a kan sikeli, da lambar da aka buga a jikinsa, 750 ga mai karat 18, 875 ga mai 21, 916 ga mai 22. Hajiya ba ta da rasit na fiye da rabin kayanta, sai da muka je aka auna aka rubuta, shi ma da kuɗinsa.

Ajiya a gida tana kama da kyauta, amma akwatin ƙarfe mai kyau da kafa shi kuɗi ne. Ku raba farashinsa gida goma ku ɗora a lissafin shekara. Wanda kuma ya ce ba zai yi inshora ba, ya zama shi ne kamfanin inshorar kansa. In a ganinsa cikin gidaje ɗari irin nasa ana iya sace na gida ɗaya a shekara, to kashi ɗayan nan yana nan a kansa, sai dai zai zo a dare ɗaya gaba ɗaya.

Zakka ibada ce, ba na sa ta a jerin asara, amma dole mai ajiya ya san inda kuɗinta zai fito. Nisabi misƙali ashirin ne, wajen giram 85 na tsantsar gwal, ana fitar da ɗaya bisa arba'in. A mazhabar Malikiyya gwal ɗin da mace ke ado da shi ba ya da zakka, wanda aka ajiye don tanadi kuwa yana da ita. Ga Hajiya, in duka na tanadi ne, wajen giram biyar ne a shekara, malaminta zai tantance mata gwargwadon tsantsar gwal ɗin. Haɗe da giram ukun haya da takaful, sai gwal ya tashi da kusan kashi 4 cikin ɗari kafin dukiyarta ta tsaya inda take.

Don ku sami ma'auni, akwai hannun jarin gwal irin NewGold da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari ta Najeriya tun 2011, da SPDR Gold Shares na Amurka mai cajin kashi 0.40 cikin ɗari a shekara. Suna da sauƙi ne saboda gwal mai yawa yana rumbu ɗaya, kuɗin tsaro ya rabu a kan dubban mutane. Ba za ki sa shi a wuya ba, ba za ki kai shi kasuwa da yamma ki karɓi kuɗi a hannu ba, kuma mai son tabbatar da halaccinsa ya tambayi malamai. Amma duk wanda ke biyan sama da kashi biyu a shekara ya san yana biyan ninki biyar na wancan don gwal ya kasance a hannunsa.

Hajiya ta zaɓi ta ware giram 50 da take sawa ta bar shi a gida cikin akwatin ƙarfe, sauran 150 ta kai banki da takaful, muka sa ranar sake auna darajarsa kowace shekara a watan da take fitar da zakka, kuɗin hidimar kuma tana biya daga hayar shagonta don kada a taɓa giram ɗin.