Wuƙa Mai Kaifi da Wuƙa Dakusasshiya: Wacce Ta Fi Yankan Hannu?

A gidaje da yawa za ka ji uwargida ta hana a wasa mata wuƙa, wai kada ta yi kaifi ta yanke ta ko ta yanki yara. Niyyar mai kyau ce, amma lissafin bai fita ba. Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi saurin komawa kan hannun mai ita, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya tsaya ya kalli yadda ake yankan kayan miya.

Ɗauki tumatir. Fatarsa santsi gare ta, ga tauri, cikinsa kuwa ruwa ne. Wuƙa mai kaifi da an ɗora ta an ja kaɗan sai ta kama fatar ta shige, ta bi inda hannu ya nufa da ita. Dakusasshiya ba ta kamawa. Sai ta zauna a kan fatar tana lotsa tumatirin, mai yanka kuma ya ƙara danna ta. A nan haɗarin yake, domin ɗayan biyu ne zai faru: ko wuƙar ta zame gefe, ko kuma fatar ta fashe farat ɗaya wuƙar ta wuce da dukan ƙarfin da aka danna ta da shi. Hannu ba ya iya tsayar da ita a wannan lokaci. Haka abin yake ga ɓawon albasa, da kabewa, da jijiyar nama.

To, a ƙasarmu abin ya fi muni saboda yadda muke yanka. Yawancin mata ba sa ɗora kayan miya a kan katako. A tafin hagu ake riƙe albasa a yayyanka ta, kuɓewa kuma a tsakanin yatsu, bakin wuƙa yana tahowa wajen babban yatsa. Nama kuwa sau da yawa mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ya ja, ɗaya ya yanka, kamar yadda ake yi ranar layya. Watau a kullum akwai naman mutum a bayan abin da ake yankawa. Idan wuƙar ta zame, nan za ta tsaya. Kuma kada a manta, wuƙar da ta kasa yanka tumatir ba ta kasa yanka yatsa, in dai da ƙarfi ta zo. Raunin ma ba ya fita sumul, yagewa yake yi.

Yaya ake gane wuƙa ta dakushe? A tsaya a rana, a juya bakinta sama, a dube shi. Baki mai kaifi siriri ne ƙwarai, ba ya mayar da haske. Duk inda aka ga ɗan layi yana ƙyalli, wurin ya lanƙwashe ko ya cinye. In ana son ƙarin tabbaci a gwada ta a kan tumatir ba tare da dannawa ba. Ba a gwada kaifi da jan yatsa a tsawon bakin wuƙa.

Yanzu ga yadda ake washi. Dutsen washi da ake sayarwa a kasuwa fuska biyu gare shi, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. A jiƙa shi da ruwa, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya motsa. Da fuska mai kaushi ake farawa. A kwantar da wuƙa a kai, sannan a ɗaga bayanta kaɗan, bakin yana taɓa dutsen. Ma'aunin wannan ɗagawa shi ne jigon aikin duka. Masana suna cewa digiri 15 zuwa 20, amma a gida ga hanya mai sauƙi: wuƙar da faɗinta ya kai yatsa biyu, a ɗaga bayanta gwargwadon kaurin ƙaramin yatsa. In an tayar da ita fiye da haka, bakin zai yi kauri ya ƙi shiga abu. In an kwantar da ita sarai, gefenta kawai ake gogewa, kaifin bai san ana yi ba.

Hannun dama ya riƙe mariƙi, yatsun hagu su danna gefen wuƙar, nesa da bakin. A tura ta a kan dutsen tun daga gindi har tsini, a dawo, a sake, ba tare da an sauya ɗagawar nan ba. Gaggawa ba ta da amfani a nan. In dutsen ya bushe a yayyafa ruwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne juya wuƙa da wuri. Mutum ya goga nan sau uku, ya juya can sau uku, ya ga tana ƙyalli ya ce ta yi. Alamar da za a jira daban ce. Idan gugar ta kai ainihin bakin, ƙarfen wurin yakan yi siriri har ya karkata zuwa ɗaya gefen. A shafa babban yatsa a hankali a gefen da ba a goga ba, daga bayan wuƙa zuwa bakinta ya wuce, za a ji ɗan kaushi yana kama fata. Sai an ji wannan kaushi daga gindi har tsini sannan a juya a yi wa ɗaya gefen haka nan. Wuƙar da ta daɗe ba ta ga dutse ba tana iya cin minti goma ko fiye kafin ta kai nan. Daga nan a koma fuska mai laushi, a riƙa ja sau ɗaya nan sau ɗaya can, hannu sakwa-sakwa, har kaushin ya ɓace. A wanke wuƙar tas, don baƙin ruwan nan garin ƙarfe ne.

Wanda ba shi da dutse, gindin kofin tangaran, wato zoben nan da ba shi da santsi, yana iya farfaɗo da wuƙar da ba ta mutu sosai ba. Goga ta a daɓen siminti kuwa, ko da yake kowa na yi, kaifin yini ɗaya yake bayarwa, ya bar bakin da giɓi-giɓi. Masu washi da inji suna da amfani idan wuƙa ta yi giɓi babba, sai dai a lura: in bakin ya sauya launi ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ya ɓata taurin ƙarfen, ba zai ƙara riƙe kaifi a wurin ba.

Abin da ke kashe kaifi sananne ne: yanka a kan tire ko faranti, saran ƙashi, buɗe gwangwanin tumatir da tsini, da jefa wuƙa cikin cokula. A nemi ɗan katako na yanka, ƙashi kuma a bar wa adda. Wuƙar maƙera tana saurin ɗaukar kaifi amma tana tsatsa, don haka a goge ta ta bushe bayan wanki, a shafa mata ɗan man gyaɗa.

Gaskiya guda ta rage. Wuƙa mai kaifi ba ta yawan zamewa, amma in ta sami hannu tana shiga da zurfi. Hannun da ya saba danna dakusasshiya zai danna wannan ma haka a kwanakin farko. Saboda haka duk wanda ya wasa wuƙar gida ya sanar da kowa mai girki cewa an wasa ta, kada a tsoma ta cikin ruwan wanke-wanke inda kumfa zai ɓoye ta, kuma a ajiye ta a sama, inda yaro ba ya kaiwa.