Ka faɗi wanda ya biya tun kafin a fara yabo

Ɗana, tunda yanzu kai ne kake rubuta wa abokinka abin da yake faɗa a bidiyonsa na noma, har dillalan taki na Funtuwa da Malumfashi sun fara nemanku da talla, bari in ja kunnenka a kan abu guda.

A ce wani dila ya biya ku don a ambaci shagonsa a bidiyon minti uku kan zuba wa masara taki na biyu. Abin da yawancin yara ke yi shi ne su gama bayani tsaf, sai a daƙiƙun ƙarshe murya ta sauya, a shiga kirarin shago. Manomin Bakori ko Ƙafur ba yaro ba ne. Da ya ji sauyin muryar zai gane kuɗi ne ke magana, daga nan kuma sai ya fara zargin duk bayanin da ya gabata, har da na gaskiyar.

Ga yadda zan tsara shi. Bayan sallama, kafin a wuce daƙiƙa ashirin, ya ce: "Yau za mu zuba yuriya. Shagon wane ne ya ɗauki nauyin wannan bidiyo, sun biya mu, kuma buhun nan su suka ba mu." Shi ke nan, ya kama aiki. Ya nuna masara ta yi sati biyar zuwa shida, ƙasa da danshi, ya huda rami kamar tsawon yatsa daga gindin shuka, ya zuba cikin murfin kwalbar lemo, ya rufe da ƙasa, ya bayyana cewa yuriyar da aka bari a fili ƙarfinta yana bin iska. Sunan shagon zai sake shigowa ne a inda aikin da kansa ya kira shi, wato lokacin da ya juya buhun yana nuna lamba 46 da ke jiki, da ɗinkin bakin buhu, da nauyin kilo 50. A nan zai ce a shagon wane ya ɗauko, kuma ya ɗora a sikeli ya cika, in har ya ɗora ɗin. Ambato biyu sun isa.

Ka rubuta da bakinsa. Dila zai turo maka takarda cike da "ingantacce" da "babu kamarsa". Mutumin da kullum yake cewa "wannan taki yana ci" in ya wayi gari yana "ingantaccen samfuri", kowa ya san aron baki ya yi.

Kada ka ce ai kun danna maɓallin talla. Ku danna, wajibi ne: YouTube zai nuna "Includes paid promotion", TikTok da Facebook su nuna "Paid partnership". Amma rubutun da Turanci yake, kuma bidiyonku ba a can yake ƙarewa ba. Ana sauke shi, a tura ta WhatsApp, a raba ta Xender a shagon cajin waya, alamar kuwa ba ta bin sa. Abin da aka faɗa da baki, da Hausa, shi ne kaɗai ke tafiya tare da bidiyon. Saboda haka in za ku yanko guntu ku sake shi daban, ka tabbata maganar biyan tana cikin guntun. Kalmomi irin su "abokan tafiyarmu" ko "mutanenmu na shagon wane" ba bayani ba ne, ɓoyo ne cikin ladabi. Kyauta ma biya ce: buhu biyu da aka sauke a ƙofar gida sai an faɗe su.

Hukuma ma tana ciki. Dokar 2022 ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin APCON, kuma hukumar ta sanar cewa tallan da masu barkwanci da masu tarin mabiya ke yi a intanet sai an kai mata ta tantance kafin a sake shi. Ku yi wannan magana da dila tun kafin a karɓi kuɗi, a san wanda zai kai. In maganin feshi ne, na ciyawa ko na tsutsar masara, ka nemi lambar NAFDAC a jikin kwalba da idonka, kuma kada ka rubuta ma'aunin da ya saɓa wa na jikin kwalbar, ko da dila ya ce a ƙara.

Inda za a fi matsa maka shi ne alkawari. Za a ce ka sa "buhu arba'in a hekta". Abokinka bai girbe ba tukuna, ruwa da iri da ƙasa kuma ba a hannun dila suke ba. Wanda ya ci bashi ya sayi takin saboda maganarku, a kasuwar Dandume zai tare ku da kaka, kuma ba dila zai tsare da ido ba. Ka rubuta abin da aka gani a gonar kawai. In dila ya ce sai dai a cire maganar cewa ya biya, ka mayar masa da kuɗinsa, ɗana.