Hoton Bijimi da "Wannan Fa?"

Ɗana, tunda ka fara sayen dabbobi ta waya, ka san ranar Juma'a a Karar Wudil ba mai lokacin dogon rubutu. Dillali na riƙe da igiya, masu taya sun kewaye shi, sai ya ɗauki hoton sa ya turo maka ta WhatsApp, a ƙasa ya rubuta "Wannan fa?" ko "Duba wannan". Labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan babu fuskar, don haka sai ka bi a hankali.

Fara da komawa kan maganarku ta ƙarshe. In jiya ka ce masa ya nemo maka bijimin layya, "Wannan fa?" tayi ne, yana nufin ko ya yi maka. In kuwa ka riga ka ƙi guda biyu don tsada, cewa yake ga mai sauƙi.

Sannan ka dubi abin da ya sa a tsakiyar hoton, domin nan idonsa yake. Mai talla yakan ja baya ya ɗauko sa gaba ɗaya ta gefe, a ga tozo da ƙirji da cikar cinya. Amma in makiyayin da ke riƙe maka shanu ne ya matso da waya kusa da kofato, ko bakin da ke dalalar da miyau, ba ciniki ya kawo ba. Alamar ɓoru yake nuna maka, yana kuma jin nauyin faɗa, saboda dukiyarka ce a hannunsa. Irin wannan gajartawar sau da yawa kunya ce. Kada ka ɗauke ta raini, kira shi nan take, a ware dabbar daga garke, a nemo likitan dabbobi.

Abin da ya fi damuna shi ne amsarka. Matasa kun saba da "To" da "Ya yi". Kai kana nufin ka gani, shi dillali ya ji ka amince. Sai ya je ya taya, mai sa ya sallama, kafin la'asar ana neman kuɗi da la'ada a wurinka, alhali ba ka ma san shekarun san ba. Hoto ba ya nuna tari, ba ya nuna ɗingishi.

Ka tura masa murya, ka gaishe shi, ka ce: "Malam, na ga hoto. Sayarwa ne ko shawara kake nema? In sayarwa ne, nawa aka taya? A buɗe min bakinsa in ga haƙora, a ja shi ya yi tafiya a ɗauko min bidiyo." In akwai alamar Forwarded a saman hoton, turo masa aka yi shi ma, sai ka fara tambayarsa ko ya ga san da idonsa.