Daidaita Layukan Bulo da Tayil Bayan Cire Wani Abu Daga Hoton Bincike

Tsakure

Mai nazarin al'ada yakan dawo daga fagen bincike da hoton da wani abu ya ɓata masa, kamar akwatin mitar wuta a bango ko jaka a kan daɓe. Cire abin a kwamfuta ba shi da wuya. Wahalar tana wajen cike gurbinsa idan bayansa jerin bulo ne ko tayil. Wannan maƙala ta bayyana dalilin karkacewar layuka a irin wannan gyara da hanyar kauce masa.

1.0 Gabatarwa

Ido yakan yafe ɗan bambancin launi a bangon da aka yi wa shafe, amma ba ya yafe layin da ya karye. Da zarar layin simintin da ke tsakanin bulo ya goce, ko da kaɗan ne, mai duba maƙala zai gane an taɓa hoton, kuma daga nan shakkarsa takan wuce bangon ta kai ga abin da aka kawo hoton dominsa. Umarnin `Content-Aware Fill` na manhajar Photoshop, wanda ke cike gurbi da kansa, yana aiki sosai a kan yashi ko ciyawa, amma a kan bulo sau da yawa yakan kawo gaɓoɓin da ba su haɗu ba. Saboda haka an fi dogara da `Clone Stamp`, wato abin da ke kwafo wani sashe na hoton ya ɗora a wani sashen.

2.0 Bangon da Aka Ɗauka Gaba da Gaba

A ƙaddara an ɗauki hoton maɗinkin hula zaune a gaban bangon jan bulo, sai ga akwatin mita a saman kafaɗarsa, mai faɗin fiksel 300 da tsayin fiksel 200. Da aka auna, tsawon bulo ɗaya haɗe da simintinsa fiksel 120 ne, tsayin sahu ɗaya kuma fiksel 40. Magini ya jera su yadda aka saba, kowace gaɓa ta tsaye tana faɗawa a tsakiyar bulon da ke ƙarƙashinta.

Ƙa'idar ita ce, tazarar da ke tsakanin inda ake kwafowa da inda ake ɗorawa dole ta zama ninkin ma'aunin jerin. Idan daga gefe za a ɗebo, fiksel 360 ne ya dace, wato bulo uku cif, domin ya zarce faɗin akwatin. In aka ɗebo daga 350, kowace gaɓa ta tsaye za ta goce da fiksel 10. Ɗebowa daga sama ko ƙasa ta fi yaudara. Tazarar fiksel 200 sahu biyar ce, don haka layukan kwance za su haɗu sarai, mai gyara ya ɗauka ya gama. Sai dai biyar mara ce, kuma jerin ba ya maimaita kansa sai bayan sahu biyu. Gaɓoɓin tsaye za su goce da rabin bulo, har a ga gaɓa a kan gaɓa, abin da magini na ƙwarai ba ya yi. Tazarar da ta dace ita ce 240, wato sahu shida.

A aikace ba sai an yi ta ƙidayar fiksel ba. Ana buɗe sabon `Layer` domin ainihin hoton ya tsira, a zaɓi `Current & Below` a gurbin `Sample`, a kuma kunna `Aligned` don tazarar ta tsaya daram duk sa'ad da aka ɗaga hannu. Sannan a riƙe `Alt` a danna daidai kan mahaɗar da layin tsaye ya sauka a kan na kwance, a sake `Alt`, a yi dannawar farko a kan wata mahaɗa irinta da ke dab da bakin akwatin. Daga mahaɗa zuwa mahaɗa: wannan shi ne jigon aikin. Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Hoton da aka ɗauka da hannu da wuya ya rasa ɗan karkata, kuma karkatar digiri ɗaya tak tana sauke layi da kusan fiksel 6 a tsawon fiksel 360. Wanda ya bi lissafi kawai zai sami tsani a layinsa, amma wanda ya bi mahaɗa ya ɗauko karkatar tare da bulon.

Bayan layuka sun haɗu, sauran abubuwa biyu. Inuwar akwatin ma a cire ta, domin inuwar da ba ta da mai ita tana tona asiri. Haka kuma a duba ko an kwafo bulo mai tabo ko ɓantarewa. Idan ya bayyana sau biyu a sahu ɗaya, a rufe na biyun da fuskar wani bulon, ba tare da an taɓa siminti ba.

3.0 Daɓen da Aka Ɗauka a Karkace

A nan dabarar da ta gabata takan gaza, domin abin da ke nesa yana ƙanƙancewa a hoto. A ce an ajiye ƙwarya mai zane a kan tayil, jakar mai bincike ta shigo a gefe. Tayil ɗin sahun gaba faɗinsa fiksel 200 ne, na inda jakar take kuwa 150. In aka kwafo na gaba aka kai baya, mahaɗar farko za ta zauna daidai, ta biyu ta goce da 50, ta uku da 100. Ɗebowa daga sahu ɗaya ma ba ta warware matsalar, saboda layukan da suka nufi nesa kowanne da irin jirkicewarsa. Na hagu suna kwantawa dama, na dama suna kwantawa hagu.

Maganin shi ne a sanar da manhaja yadda daɓen ya kwanta. A Photoshop, bayan an buɗe sabon `Layer`, ana shiga `Filter` sannan `Vanishing Point`, a danna kusurwa huɗu na wani murabba'i da layukan tayil suka zana. Gara a kewaye tayil huɗu a tsaye huɗu a kwance da a kewaye guda ɗaya, domin kuskuren fiksel ɗaya a ƙaramin murabba'i yana ninkuwa idan aka faɗaɗa shi. Ragar da za ta bayyana idan shuɗiya ce ta karɓu. Rawaya ko ja na nufin a sake gyara kusurwoyin. Duk da haka launin bai isa shaida ba, sai an ja gefen ragar har ta rufe jakar an ga layukanta suna tafiya tare da na tayil. Daga nan a yi kwafi daga mahaɗa zuwa mahaɗa kamar dā, manhajar kuwa za ta riƙa rage girman abin da aka ɗebo. An fi so a ɗebo daga kusa a kai nesa, don abin da aka ɗebo daga nesa aka buɗa shi yakan yi dishi-dishi. Wanda ke amfani da GIMP, wadda kyauta ce, zai sami irin wannan a `Perspective Clone`.

Idan raga ta ƙi bin layuka a gefen hoto alhali ta bi su a tsakiya, laifin na gilashin kyamara ne da ya lanƙwasa su. Sai a fara miƙar da hoton da `Lens Correction` kafin komai.

Gwajin ƙarshe shi ne a ja miƙaƙƙen layi a wani `Layer` dabam, daga mahaɗar da ba a taɓa ba a wannan gefen gurbin zuwa takwararta a wancan gefen. Duk inda siminti ya bar layin, ko ya fito biyu-biyu kamar inuwa, a nan gyaran ya goce.

4.0 Iyakar Dabarar

Duk wannan ya ginu ne a kan cewa abin da ke ɓoye maimaicin abin da ake gani ne. Hakan gaskiya ne ga bulo da tayil na masana'anta, amma ba ga zanen da maginin gargajiya ya yi da hannu a fuskar soro ba. A can, cike gurbi ƙirƙirar zanen da babu shi ne, don haka a ra'ayin mai wannan nazari gara a bar wayar lantarkin da ta gitta zanen yadda take. Ko a hoton maɗinkin hula ma, ya kamata a adana na asali, a kuma rubuta a ƙarƙashin wanda aka buga cewa an cire akwatin mita daga bango.