Amarya Biyu a Lokaci Ɗaya

Wata mai lalle daga Unguwar Rogo a Jos ta ce ta sha yi wa amare biyu alkawarin lokaci ɗaya, ina mafita?

To Hajiya, kundin haja na WhatsApp Business aiki da farashi kawai yake nunawa, ba ya riƙe lokaci. Sai ki haɗa da Google Calendar, kuma kada ki ce "to" sai kin duba ranar.

Ga inda ake tuntuɓe: sabon alkawari awa ɗaya manhajar ke ba shi idan ba ki canza ba. A ce lallen amarya a Bukuru zai ci awa 3 daga ƙarfe 10. Ki rubuta daga 9, saboda hanya, har zuwa 2 da za ki dawo gida. Wadda ta nemi ƙarfe 1, ki ba ta 3.

Manhajar ba za ta hana ki ɗora wani alkawari kan wani ba. Don haka ki buɗe shafin Day a cikinta. Idan kika ga akwati biyu kafaɗa da kafaɗa, sun yi karo, ki kira ɗaya daga cikin amaren nan take.

Masu makara kuwa, ki tura musu saƙo tun daren jajibiri: bayan minti 20, ta baya za ta zauna.