Darasi Daga Galaxy Note 7: Yadda Ake Sauya Wa Kaya Suna Ba Tare Da An Ɓata Sunan Kamfani Ba

A ranar 19 ga Agusta 2016 kamfanin Samsung ya fitar da wayar Galaxy Note 7 kasuwa. Ba a yi mako biyu ba aka fara samun rahoton wayoyin suna kamawa da wuta. Ranar 2 ga Satumba kamfanin ya nemi a dawo masa da kimanin wayoyi miliyan biyu da rabi, ya musanya wa mutane da sababbi. Su ma sababbin suka riƙa ƙonewa, don haka ranar 11 ga Oktoba aka daina ƙera wayar baki ɗaya. Amurka ta haramta shiga jirgin sama da ita.

Sunan wayar yana da hawa huɗu: Samsung sunan kamfani ne, Galaxy sunan dukkan dangin wayoyinsa na Android, Note rukunin masu alƙalami, 7 kuma samfurin wannan shekarar. Aikin da ke gaban kamfanin shi ne ya tsare ɓarnar a hawa na ƙarshe, kada ta haura sama.

Matakin farko ba sauya suna ba ne, gano cutar ne. A Janairun 2017 Samsung ya bayyana sakamakon bincikensa. A batiran farko, gidan batirin ya yi matsi har kusurwarsa ta sama ta lanƙwashe, sassan da bai kamata su haɗu ba suka taɓa juna. A batiran musanya, waɗanda wani kamfani daban ya ƙera, tsinin walda ne ya huda shimfiɗar da ke raba sassan. Wannan bayani ya nuna wa jama'a cewa laifin na batiri ne, ba na kowace wayar Galaxy ba. Kamfanin ya kuma sanar da gwajin batiri mai matakai takwas kafin kowace waya ta fita.

Sai bayan haka aka zo kan suna. Ranar 7 ga Yuli 2017 aka fitar da Galaxy Note Fan Edition, wato Note FE, a Koriya ta Kudu, guda 400,000 a zagayen farko. An haɗa ta ne da kayan Note 7 da ba a yi amfani da su ba, kuma kamfanin bai ɓoye hakan ba. An rage batirin daga 3,500 mAh zuwa 3,200 mAh domin ya sami sarari a cikin gidansa, farashin ma ya sauka da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Abin lura shi ne abin da aka cire da abin da aka bari. Lamba 7 kaɗai ta tafi, domin ita ce ke rubuce a sanarwar haramci. Galaxy da Note sun zauna, saboda mutane sun shafe shekaru tun 2011 suna amfani da wayoyin Note lafiya. Da an goge Note ɗin ma, da kamar an amsa cewa dukkan rukunin ne ya lalace. A Agustan 2017 Note 8 ta fito da sunanta, kuma a 2020 kamfanin ya sake amfani da FE a kan Galaxy S20 FE, alamar cewa sabon sunan bai gaji baƙin jinin tsohon ba.

Darasin ya shafi ƙaramin ɗan kasuwa ma. A ɗauka mai shago a Gaya ya saro caja daga kasuwar Farm Centre a Kano, ya liƙa mata suna na musamman a ƙarƙashin sunan shagonsa, sai ta riƙa zafi. Idan ya canja kwali kawai, kwastoman Ajingi da ya saya a baya zai gane ta da gani, kuma daga nan zargin ya koma kan shagon. Tsarin da ya dace shi ne ya karɓi tsofaffin, ya faɗi abin da ya lalace, ya canja dila ko samfuri, sannan ya sa sabon suna.

Mai sayen waya kuma yana da hanyar bambance gyara da sauya riga. Ya shiga Settings, sannan About phone, ya duba lambar samfuri. Ta Note 7 tana farawa da SM-N930, ta Note FE kuma da SM-N935. Idan suna ya canja amma lambar samfuri da girman batiri suna nan yadda suke, to kwali ne kawai aka sake.